Yadda agogo da zobe ke biyan kuɗi a shago alhali waya tana gida

Tambaya: Na ga wani ya kara agogon hannunsa a jikin na'urar POS kuɗi ya fita, kuma ya ce mini wayarsa tana gida. An ce har zobe ma yana yin haka, shi da ba ya da batir. Idan babu waya, babu intanet, ta ina abin yake magana da banki? Kuma idan ya faɗa hannun wani, ba zai kwashe kuɗin mutum ba?

Amsa: Agogon ba ya magana da banki a lokacin biya, zoben ma haka, kuma ko katin banki da ke aljihunka bai taɓa yi ba. Wanda yake magana da banki shi ne na'urar mai shago, domin ita ce ke da layin sadarwa. Aikin abin da ke hannunka guda ɗaya ne tak, wato ya buga hatimi a kan bayanin cinikin, hatimin da babu wanda zai iya ƙirƙirarsa sai mai riƙe da wani mabuɗi na sirri, kuma wannan mabuɗin yana zaune ne a cikin agogon ko zoben tun ranar da aka yi masa rajista. Na shafe shekaru ina gwada irin waɗannan na'urori kafin a kai su kantuna, kuma na lura cewa da zarar mutum ya riƙe wannan batu, sauran bayanin yana zuwa masa da sauƙi.

Galibi ranar rajista ce kaɗai ake buƙatar waya, don haka daga can ya kamata a faro. Idan ka shigar da katinka a manhajar agogo, wayar tana aika bayanan katin zuwa kamfanin da ke kula da hanyar katin, kamar Visa ko Mastercard, shi kuma ya tambayi bankinka ko ya yarda. Bankin yakan tabbatar da cewa kai ne, ta hanyar aiko maka da lambar tabbaci ko ta manhajarsa. Idan komai ya daidaita, ba lambar katinka ta ainihi ake zubawa a agogon ba. Ana ƙirƙirar wata sabuwar lamba mai kama da ta kati, wadda masu sana'ar ke kira tokin, ni kuma zan kira ta lambar madadi, sannan a haɗa ta da mabuɗin sirri nata na kanta. Kamfanin katin ya ajiye a rumbunsa cewa wannan lambar madadi tana wakiltar katin wane, kuma ta wannan na'ura ce kaɗai. Ƙungiyar EMVCo ta manyan kamfanonin kati ce ta fitar da ƙa'idar wannan tsari a 2014, shekarar da Apple Pay, tsarin biyan kuɗi na kamfanin Apple, ya fara aiki, kuma a kanta ne yawancin agoguna da zobban yau suke tafiya.

Wannan yana nufin cewa idan kana da kati ɗaya a waya da kuma agogo, to lambobin madadi biyu ne daban, kowace da mabuɗinta. Agogon ba aron katin wayar yake yi ba, kuma ba madubinta ba ne. Kati ne mai zaman kansa wanda ya zo da siffar agogo.

Inda ake ajiye mabuɗin shi ne wata ƙaramar ƙwayar lantarki mai tsaro, danginsu ɗaya da wadda ke ƙarƙashin ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya na jikin katin banki. An ƙera ta ne ta yadda za a iya ba ta lissafi ta yi da mabuɗin ta dawo da sakamako, amma babu umarnin da zai sa ta faɗi mabuɗin kansa, ko da manhajar agogon ce ta tambaya. Wannan shi ne ginshiƙin dukan al'amarin, domin da ana iya karanto mabuɗin, da kowa sai ya kwafi agogon wani.

To, mu bi ciniki guda ɗaya daga farkonsa. A ce mai shago ya danna 12.50, ko da wane irin kuɗi ne. Nan take na'urarsa ta kunna wani naɗin zaren tagulla da ke bayan alamar nan mai layuka huɗu masu lanƙwasa, naɗin ya fara fitar da filin maganaɗisu mai kaɗawa sau miliyan 13.56 a kowane sakan. Wannan ita ce fasahar NFC, kuma filin nata ba ya wuce kimanin santimita huɗu da ƙarfin da zai yi amfani. A cikin agogon akwai wani naɗin ƙarami, a cikin zoben kuma naɗin ya zagaye yatsa gaba ɗaya. Idan naɗin biyu suka kusanci juna, wuta takan tashi a cikin ƙaramin ba tare da sun taɓa juna ba, kamar yadda take tsallakawa tsakanin naɗi biyu na taransifoma. Daga nan zoben yake samun ƙarfinsa. Wutar kaɗan ce ƙwarai, amma ta isa ta farkar da ƙwayar ta yi lissafinta na ɗan lokacin da ake buƙata, kuma da zarar ka janye hannu sai ta koma tamkar ƙarfe marar rai. Amsar da take mayarwa ma ba ta buƙatar na'urar watsa saƙo: tana ƙara nauyin wutar da take ja ne tana ragewa bisa wani tsari, na'urar shagon kuma tana jin wannan canji a nata naɗin tana karanta shi a matsayin lambobi.

Gaisuwar farko da na'urar ke yi ita ce neman wani suna da aka tanada, `2PAY.SYS.DDF01`, wanda ma'anarsa ita ce ka faɗa mini irin katunan da kake ɗauke da su. Agogon ya amsa da lambar shaidar nau'in katin, misali `A0000000031010` idan Visa ne, ko `A0000000041010` idan Mastercard ne. Sai na'urar ta miƙa masa bayanin cinikin: adadin kuɗi, nau'in kuɗin, ƙasar, ranar, da wata lamba da ta zaɓo a take wadda ba wanda zai iya hasashenta. Ƙwayar ta ƙara ɗaya a kan ƙidayar da take yi na dukan cinikin da ta taɓa yi, ta haɗa wannan duka ta markaɗa shi da mabuɗinta, ta fitar da hatimi. Ga yadda muhimman layukan suke bayyana a allon mai gwaji, da lambobi na misali:

```
9F02  000000001250
9F37  4C1A90E7
9F36  0147
9F26  8B3E07D2A65F19C4
```

Layin farko kuɗin ne, na biyu lambar bazata ta na'urar, na uku ƙidaya, wadda aka rubuta da lissafi mai tushe goma sha shida, shi ya sa 0147 a nan take nufin ciniki na 327, na huɗu kuma hatimin. Dukan wannan musaya takan kammala cikin kusan rabin sakan, kuma ƙarar da kake ji ko girgizar da agogon ke yi a wuyan hannunka alama ce ta cewa an gama karatu, ba alamar cewa banki ya amince ba. Mutane da yawa suna rikita waɗannan biyun. Daga lokacin da aka yi ƙarar, agogon ya gama nasa aikin, ko da za ka jefa shi a rijiya cinikin zai ci gaba.

Sauran tafiyar ta na'urar shago ce. Ta tura saƙon zuwa bankin mai shago, shi ya miƙa wa kamfanin katin, kamfanin ya ga cewa lambar madadi ce, ya sake yin lissafin hatimin da nasa kwafin mabuɗin ya gwada da wanda ya iso. Idan sun yi daidai, sai ya musanya lambar madadin da ta ainihi ya aika wa bankinka, bankin ya duba asusu ya ce eh ko a'a, amsar ta biyo hanyar da saƙon ya bi ta dawo. Mai shago bai ga lambar katinka ta gaskiya ba ko sau ɗaya.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan waɗannan layuka huɗu shi ne, su ne suke bayyana abin da ya sa satar sauraro ba ta da riba a nan. A ce wani ya naɗi duk abin da agogon ya faɗa a wannan ciniki. Hatimin da ya samu na kuɗi 12.50 ne, na wannan rana, na wannan lambar bazata, na ƙidaya 327. Idan ya je wata na'ura ya maimaita shi, waccan za ta ba da sabuwar lambar bazata, hatimin ba zai dace da ita ba, kuma kamfanin katin ya riga ya ga ƙidaya 327 ta wuce. Lambar madadin ma ba za ta yi masa aiki ba idan ya rubuta ta a shafin sayayya na intanet, domin an ɗaure ta da irin amfanin da aka yi ta dominsa.

Akwai wani bambanci tsakanin agoguna da ya kamata ka sani, domin shi ne tushen ƙorafin da ake yawan kawowa cewa agogo ya yi ta aiki kwana da kwanaki sannan ya tsaya ba dalili. Agogon da ke da ƙwaya mai tsaro, irin Apple Watch, yana riƙe da mabuɗinsa na dindindin, don haka rashin intanet ba ya damunsa. Amma akwai wata hanya ta biyu da ta shigo Android a 2013, inda babbar manhajar na'urar ce ke kwaikwayon kati. Tun da manhaja ba ta kai ƙwaya tsaro ba, ba a ba ta mabuɗin dindindin, sai dai a riƙa aiko mata da ƙananan mabuɗai masu ƙarewa bayan wasu 'yan cinikayya ko bayan wani ɗan lokaci. Agogon da ke bin wannan tsari yana biya ba tare da waya ba, amma kamar mai tafiya da guzuri yake: idan guzurin ya ƙare, dole ya sami intanet, ta waya ko ta Wi-Fi ko ta layinsa, kafin a sake cika masa. Alamar wannan matsala a fili take, domin da zarar agogon ya haɗu da intanet na ɗan lokaci sai biya ya dawo ba tare da an taɓa komai ba.

Batun faɗawa hannun wani kuwa, a nan ne agogo da zobe suka raba hanya, kuma a ganina wannan shi ne abin da ya kamata mai saye ya auna kafin kyau ko tsada. Agogo yana da hanyar sanin ko har yanzu yana hannun mai shi. Idan ka ɗaura shi ka shigar da lambar sirri, fitilun da ke bayansa, waɗanda suke auna bugun jini, suna lura da cewa yana manne da fata. Muddin bai rabu da fatar ba, yana ɗauka kai ne. Da zarar an kwance shi sai ya kulle, kuma ba zai buga hatimi ba sai an sake shigar da lambar. A Apple Watch sai ka danna maɓallin gefe sau biyu kafin ya yarda ya biya, kuma idan ka cire lambar sirrin gaba ɗaya, katunan ma suna fita daga cikinsa. Agogunan Garmin kuwa sukan nemi lambar sau ɗaya a cikin awa 24, ko kuma duk lokacin da aka cire su daga hannu. A cikin amsar da agogon ke bai wa na'urar shago akwai wata alama da ke cewa an riga an tantance mai shi a kan na'urarsa, kuma saboda wannan alama ce agogo kan iya biyan kuɗi mai yawa ba tare da an nemi lambar sirri a na'urar shagon ba, in dai na'urar da bankin sun san da wannan tsari.

Zobe ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba shi da allo, ba shi da maɓalli, ba ya sanin yatsan wa yake, kuma duk wanda ya tsince shi zai iya kara shi a na'ura ya amsa. Saboda haka ana ɗaukarsa tamkar katin da ake karawa, wato kariyarsa tana cikin iyakokin da banki ya gindaya. A Tarayyar Turai, alal misali, dokar ta ba da damar a biya ba tare da lambar sirri ba idan cinikin bai wuce yuro 50 ba, kuma idan jimillar abin da aka kashe a jere ta haura yuro 150, ko aka yi ciniki biyar a jere, to dole a sake tantance mai shi. Kowace ƙasa da nata adadin. A nan wata matsala ta musamman take fitowa: idan kati ya kai iyakar, na'ura takan ce a saka shi a rami a buga lambar sirri, amma zobe ba ya shiga rami. Wasu zobban suna da lambar sirri da ake bugawa a na'urar shagon bayan an kara, wasu kuma sai an shiga manhaja an sake buɗe musu ƙidayar. Wanda ya fita da zobe kaɗai, ya bar waya da kati a gida, ya kamata ya san wanne daga cikin biyun yake sanye da shi tun kafin ya tsaya gaban mai karɓar kuɗi.

Wasu zobban ma ba a ɗaure suke da katin banki kai tsaye ba, suna da ɗan asusu nasu da ake zuba wa kuɗi tun da wuri. Ni dai na fi natsuwa da irin wannan ga wanda ke yawan yar da abu, domin asarar ba za ta wuce abin da ya zuba ba.

Idan abin ya ɓata, ba sai an kai gare shi ba kafin a kashe shi. Tun da kowane ciniki sai ya bi ta rumbun kamfanin katin, ya isa a dakatar da lambar madadin a can, ta manhaja ko ta kiran banki. Agogon zai ci gaba da buga hatiminsa daidai, amma hatimin zai iso ga ƙofar da aka rufe. Katinka na ainihi da lambar madadin da ke cikin waya kuma suna nan suna aiki, ba sai an sauya su ba. Inda ake samun ɗan giɓi shi ne wuraren da ba sa jiran amsar banki, kamar ƙofofin shiga jiragen ƙasa na cikin birni, inda ake barin mutum ya wuce a tura lissafin daga baya. Su suna dogara ne da jerin lambobin da aka hana, kuma jerin yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya isa kowace ƙofa.

Idan biya ya ƙi, abu na farko da nake tambaya shi ne ko na'urar ta yi ƙara. Idan ba ta yi ba, to matsalar tana tsakanin naɗin biyu ne, ba ta kai ga banki ba. Na taɓa tsayawa ina kallon wani mutum yana shimfiɗa tafin hannunsa a kan na'ura har sau huɗu, yana murza zoben a kan gilashin, fuskarsa ta fara canzawa saboda layin da ke bayansa. Zoben lafiyarsa lau. Filin maganaɗisun yana fitowa ne a miƙe daga fuskar na'urar, kuma sai ya ratsa ta cikin ramin zoben kafin wuta ta tashi, shi kuwa da ya shimfiɗa hannu sai zoben ya tsaya a gicciye, filin yana wuce shi ta gefe. Na ce masa ya dunƙule hannun kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, ya kai gaɓar yatsan kan alamar ya tsaya cak. Nan take ta yi ƙara. Wannan taurin kai na zoben yana da amfaninsa, domin shi ne ke sa ya yi wuya wani ya goga maka na'ura a cikin cunkoso ya karanta shi. Dalili makamancin wannan ne ya sa ake yin yawancin zobban da tangaran mai ƙarfi maimakon ƙarfe zalla, tun da ƙarfe yana shanye filin. Ga agogo kuma, fuskarsa ake karawa, kuma a kan alamar, wadda a wasu na'urori take a kan allo, a wasu kuma a gefe ko a sama. Agogon da batirinsa ya mutu galibi ba ya biya.

Idan kuwa ta yi ƙara sannan allon ya nuna an ƙi, to karatu ya yi kyau, matsalar tana gaba. Wani lokaci layin na'urar ne ya yanke, kuma za ka gane hakan idan ta daɗe tana juyawa kafin ta gaza, sannan katin mutumin da ke bayanka ma ya ƙi. Wani lokaci bankin ne ya ce a'a, kuma rasidin yakan ɗauki lambar dalili: `51` na nufin kuɗin asusun bai isa ba, `05` kuma ƙi ne kawai ba tare da bayani ba, wanda sai bankin ne zai faɗa maka sababinsa. A irin wannan hali kawo waya kusa ba zai gyara komai ba, ko da yake na sha ganin mutane suna zaro ta suna ɗorawa kusa da agogon kamar za ta ƙara masa ƙarfi.

Wani abu da ke haddasa gardama a wurin mayar da kaya shi ne lambobi huɗu na ƙarshe da ke kan rasidi. Sau da yawa na lambar madadi ne, ba na katin da ke aljihunka ba, don haka mai shago zai iya cewa ba da wannan kati aka biya ba. Ana ganin lambobin madadin a cikin manhajar agogon ko ta zoben, a wurin bayanin katin, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a kara abin da aka biya da shi tun farko, kuɗin zai bi ta rumbun kamfanin katin ya koma asusun da ya fito.